Shaddar da Tela Ya Riga Ya Yanka

A ƙasan rasit ɗin shaguna da yawa a Kantin Kwari, da Sabon Gari, da kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano, akwai layi guda da ake bugawa da ƙananan haruffa: kayan da aka saya ba a mayarwa. Mai saye ba ya karanta shi ranar da yake murnar sabon kaya. Sai ranar da rai ya ɓaci ake tuno da shi, kuma galibi mai shago ne ke tunowa, ya miƙa shi gaba domin a kashe magana.

Maganar kuwa ba ta mutuwa. Takan koma gidan biki, ta shiga kunnen dangi da ƙawaye, wani lokaci ta kai ofishin 'yan sanda ko gaban alƙali. Tsakanin "ba a mayarwa" da "ga kuɗinki duka" akwai hanya ta uku da 'yan kasuwar ƙasar Hausa suka daɗe da saninta, wato a mayar da wani kaso na kuɗin, mai saye ya riƙe kayan. Wahalar ita ce yadda za a faɗa wa wanda ke cikin fushi wannan magana ba tare da ya ji an raina shi ba, da yadda za a fitar da adadin da zai iya tsayawa a gaban shaidu.

A ɗauki misalin da ke faruwa kusan kullum a Kwari, kasuwar tufafin da 'yan sari ke zuwa mata daga Nijar da Chadi da Kamaru. Alƙaluman na misali ne, domin farashin yadi ba ya zama wuri guda. Wata Hajiya da ke Kaduna za ta aurar da ɗanta. Ta daɗe tana saye a wani ƙaramin shago, don haka ba ta zo Kano ba. Ta ga hoton shadda ruwan toka a WhatsApp, ta ce a yanko mata yadi 10. Ana sayar da yadi naira 10,000, amma saboda sabo mai shagon ya bar mata duka a kan 90,000. Ta tura kuɗi, ta ƙara 3,000 na mota, yaron shago ya kai ƙunshin tasha. Washegari shaddar ta wuce hannun tela, wanda zai fitar wa ango da babbar riga da 'yar ciki da wando.

Tela ya yanka wando da 'yar ciki lafiya. Da ya shimfiɗa sauran domin fitar da gaban babbar riga, sai ga wani layi fari-fari ya bi bakin ninki, inda launi ya koɗe. Layin ya ci kusan yadi biyu. Saura kwana tara ɗaurin aure.

Saƙon muryar da Hajiya ta aiko ya kai minti huɗu. Ta ce an cuce ta, an ga ba ta gari an tura mata kwantai. Ta ce a dawo mata da 90,000 ɗinta da 15,000 da ta ba tela kafin alƙalami, in ba haka ba kowa a Kaduna sai ya san sunan shagon.

Kuskuren farko da mai shago kan yi a nan shi ne ya danna maɓalli ya mayar da martani kafin zuciyarsa ta sauka. Na biyu shi ne ya yi shiru kwana biyu yana fatan ta huce, alhali kowace awa ta shirun tana tabbatar mata da cewa lallai ya san abin da ya aikata. Mai wannan shagon bai yi ko ɗaya ba. Cikin minti ashirin ya rubuta mata layi uku: ya ji saƙonta, ransa bai yi daɗi ba, yana roƙon tela ya ɗauko masa hoton wurin a fili cikin hasken rana tare da ɗan bidiyo, kuma kada a ci gaba da yanka har ya kira ta bayan la'asar. Bai amsa laifi ba, bai kuma musanta ba, domin a lokacin bai san gaskiyar lamarin ba.

Hoton yana da amfani fiye da yadda ake zato, saboda aibin yadi yakan nuna inda aka samo shi. Koɗewar rana tana bin ninki ne a miƙe, kuma idan aka warware yadin sai a ga layin yana maimaita kansa a tazara iri ɗaya, gwargwadon yadda aka naɗe bandir. Ƙunar dutsen guga tana da siffar dutsen, wurin yakan yi ƙyalli ko ya taurare. Ɗigon man keken ɗinki yana bin layin allura. Ruwa kuwa yakan bar tabo mai baki karkatacce, kamar yadda 'yan Kwari suka gani a kayansu bayan ambaliyar da ta shiga kasuwar a daminar 2022. Wanda ya shekara goma yana taɓa yadi zai bambance waɗannan da kallo guda.

Layin da ke hoton a miƙe yake, yana kuma maimaita kansa. Mai shagon ya sauko da ragowar bandir ɗin, ya tambayi yaronsa. Ashe wannan bandir ne aka jingine a bakin ƙofa domin jan ido har tsawon makonni, rana tana dukan gefe guda, kuma da aka zo yanka wa Hajiya sai yaron ya fara daga bakin da ke waje bai warware ya duba ba. Ragowar da ke ciki lafiya ƙalau take. Aibin daga shago ya fito, ba daga tela ba.

Da ya tabbatar da haka sai ya kira maƙwabtansa biyu, dattawan da suka san shadda, ya nuna musu hoton da ragowar. Tambayarsa guda ce: yadi goman nan, da an san da wannan layin tun farko, nawa za a saye shi? Suka ce abin da ake sayarwa 100,000 ba zai wuce 80,000 ba. Aibin ya rage kashi ɗaya cikin biyar na darajar kayan ke nan. Amma Hajiya ba 100,000 ta biya ba, 90,000 ta biya, don haka kashi ɗaya cikin biyar na abin da ta biya shi ne haƙƙinta, wato 18,000. Ya ɗora 3,000 na mota a kai daga aljihunsa, ya zama 21,000.

Wannan lissafin ba sabon abu ba ne. Malaman fiƙihun Malikiyya, mazhabar da ake bi a Arewa da Nijar, sun daɗe da tsara shi, suna kiran kuɗin arshi. Ana ƙimanta kaya da lafiyarsa, a ƙimanta shi da aibinsa, a duba kason da ya ragu, sannan a cire wannan kason daga ainihin kuɗin da aka biya. Hikimar ita ce kada mai saye ya ci ribar ragin da aka yi masa sau biyu, kada kuma mai sayarwa ya ɓoye a bayan ragin.

Bayan la'asar ya kira ta kamar yadda ya alkawarta, ya bar ta ta sake faɗin duk abin da ke ranta bai katse ta ba. Sannan ya ce zai rubuto mata komai domin ta nuna wa Alhaji da tela. Ga abin da ya rubuta:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Na ga hoton, na kuma duba ragowar shaddar a shago. Koɗewar daga wurinmu take. Rana ce ta taɓa bakin bandir ɗin, muka yanka miki ba mu warware mun duba ba. Laifin ba na tela ba ne, ba kuma naki ba. Na san saura kwana tara ɗaurin aure, kuma na san irin damuwar da wannan ya jefa ki. Ki yi haƙuri, ki yafe mana.

"Ga abin da zan iya yi, zaɓi yana hannunki. Ko dai in tura miki naira 21,000 yau ɗin nan, wato 18,000 na wurin da ya lalace da 3,000 kuɗin motarki. Na sa dattawa biyu a layinmu sun ƙimanta, suka ce aibin ya rage kashi ɗaya cikin biyar, shi na cire daga 90,000 da kika biya. Ko kuma in yanko miki sabon yadi biyu daga cikin wannan bandir ɗin, launi ɗaya sak, in warware in yi miki bidiyo ki gani, in sa a motar asuba, kuɗin mota a kaina.

"Dalilin da ya sa ban ce ki dawo da shi duka ba shi ne an riga an yanka shi a kan awon ango. A shagonmu, yadin da bai ga almakashi ba muna karɓarsa cikin kwana bakwai mu mayar da kuɗi cif. Wanda aka yanka ba ya sake sayuwa, shi ya sa muke biyan wurin da ke da aibi. Yadi takwas ɗin da ke hannun tela lafiyarsu lau, aikinsa kuma bai lalace ba, don haka ban sa kuɗin ɗinki a lissafi ba. Idan kina ganin lissafin bai yi ba, ki kawo wanda kika yarda da shi ya ƙimanta, zan saurare shi. Ina jiran amsarki kafin isha'i saboda motar asuba. Allah ya sanya albarka a auren."

Abin da ya fi ɗaukar hankali a wannan saƙo shi ne jerin da maganganun suka bi. Amsa laifi ce ta zo farko, kuma amsawa ce mai suna, ta faɗi abin da ya faru da wanda ya yi sakaci. Akwai bambanci mai girma tsakanin "koɗewar daga wurinmu take" da irin "ki yi haƙuri idan ranki ya ɓaci" da ake yawan rubutawa. Ta biyun tana mayar da matsalar kan zuciyar mai saye, kamar ita ce mai saurin fushi. Mai shagon ya kuma wanke tela a fili, abin da ya kashe wata rigimar da za ta iya tashi a Kaduna. Bai jingina laifin ga yaronsa ba, ko da yake yaron ne ya yanka. Hajiya ba da yaro ta yi ciniki ba.

Sai tayi ya biyo baya, da adadi da lokaci. Kalmomi irin su "za mu duba" ko "za mu ɗan rage miki wani abu" su ne ke ƙara hura wuta, domin mai saye ba ta san ko ɗan wani abin dubu biyu ba ne ko dubu ashirin. Da ta ga 21,000 ta kuma ga daga inda ya fito, gardamar ta tashi daga kan mutuncinta ta koma kan lissafi, lissafi kuwa ana iya zama a duba shi.

Ƙa'idar shago ita ce ta zo ƙarshe, kuma ta zo da dalilinta. Da ya buɗe saƙon da "kin san dai ba ma karɓar abin da aka yanka", da ba ta karanta sauran ba. Mutumin da ke cikin fushi yana jin ƙa'ida a farkon magana a matsayin rufe ƙofa, amma idan an riga an amsa laifi an ajiye kuɗi a gabansa, sai ya ji ta a matsayin bayani. A lura kuma cewa ya faɗi ɓangaren ƙa'idar da ke amfanar mai saye, wato kwana bakwai da mayar da kuɗi cif, kafin ya faɗi wanda ya takura ta.

Akwai abubuwan da bai rubuta ba, kuma rashin rubuta su aiki ne. Bai tanka barazanar ɓata suna ba. Bai tuna mata ragin 10,000 da ya yi mata a matsayin gori ba. Bai ce ai da ta duba kafin ta kai wa tela ba, duk da cewa maganar tana da ƙamshin gaskiya. Bai yi rantsuwa ba. Bai kuma kawo kukan cewa kasuwa ba ta tafiya ba, domin asararsa ba matsalar uwar ango ba ce.

Asarar kuwa akwai ta. Idan ya saro yadin a kan 7,800, uwar kuɗinsa a yadi goma 78,000 ce, ribarsa 12,000. Mayar da 21,000 ya cinye ribar ya kuma shiga uwar kuɗi da 9,000. Amma da ya mayar da 105,000 da aka nema, ya karɓi guntayen da aka yanka a kan awon mutum ɗaya, da ribar ciniki irin wannan kusan tara ce ta tafi. Ga shagon da jarinsa bai wuce bandir ashirin ko talatin ba, wannan ba ƙaramin rami ba ne. Shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya kwaikwayon manyan kantunan da ke mayar da kuɗi ba tambaya ba. Su suna da hanyar mayar wa kamfani da kaya, shi kuwa dilan da ya sarar masa ba zai karɓi bandir ɗin da rana ta ci a ƙofar shagonsa ba.

To amma ina doka ta tsaya? A nan ne masu shaguna da yawa suke da kuskuren fahimta. Najeriya tana da dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce kuma ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Sashe na 122 na dokar ya ba mai saye damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa cikakke idan bai sami damar dubawa ba kafin a kawo masa, sannan ya tarar kayan bai dace da abin da aka kwatanta ko samfurin da aka nuna ba, matuƙar ya ƙi karɓa cikin lokacin da ya dace. Wannan ya shafi duk mai saye ta hoto kai tsaye. Dokar ta kuma ɗauka cewa kowane ciniki yana ɗauke da alkawarin inganci ko da ba a furta ba, kuma kayan da ya gaza ana iya mayar da shi cikin wata uku domin a gyara, a musanya ko a biya. Hukumar ta sha nanata cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" a bango ko a rasit ba ya soke waɗannan haƙƙoƙi.

Abin da wannan ke nufi ga mai shago shi ne ƙa'idarsa tana da ƙarfi a kan wanda ya sauya ra'ayi, kamar wadda ta kai atamfa gida mijinta ya ce launin bai yi masa ba. Ba ta da ƙarfi a kan aibin da ya fito daga shago. Da Hajiya ta ga layin kafin almakashi ya taɓa shaddar, ba a maganar kashi ɗaya cikin biyar sai in ita ta so. Haƙƙinta ne ta mayar ta karɓi kuɗinta duka. Yankan da aka yi ne ya buɗe ƙofar sulhu, kuma ko a hakan, 21,000 tayi ne, ba hukunci ba. Tana da ikon ƙi.

Fiƙihu ma a nan ya tsaya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ɗaliban zaure ke karantawa daga Kano har Damagaram, ya yi bayanin cewa wanda ya sami aibi a abin da ya saya yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Idan kuma kayan ya sake tawaya a hannunsa, to yana iya riƙewa ya karɓi ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya ragu a hannunsa. A misalin Hajiya, zaɓi na biyun yana nufin ta dawo da guntayen a cire abin da yanka ya rage. Da dattawan sun ƙimanta guntayen, da wuya ta tashi da abin da ya wuce rabin kuɗinta da kaɗan, ga shi ba shadda, ga biki ya matso. Mai shago mai adalci zai iya faɗa mata wannan idan ta tambaya, ba domin ya tsorata ta ba sai domin ta ga dukkan ƙofofin.

Akwai sharaɗi guda mai nauyi da malaman suka gindaya, kuma shi ne ya raba sulhu da cuta. Duk wannan sassaucin ga mai sayarwar da bai san da aibin ba ne. Wanda ya ga layin ya ninke shi ciki domin ya ɓoye, ya yi algus, kuma a hukuncin Malikiyya mai saye zai mayar masa da yadin ko da an yi masa yankan da aka saba, ya karɓi kuɗinsa ba tare da an cire ko sisi ba. Saboda haka mai shagon da ya san ya ɓoye aibi, sannan ya zo yana tayin kashi ɗaya cikin biyar da lafazi mai daɗi, yana ƙara zalunci ne a kan zalunci. Haka ma wanda ya sayar da jabu da sunan na asali, ya karɓi kuɗin shadda mai tsada ya ba da kwaikwayonta. A nan ba wani kaso ne ya lalace ba, abin da aka saya ne gaba ɗaya ba a bayar ba.

Akwai kuma kayan da rabin gyara ba ya yi musu. Wayar da allonta ke mutuwa, ko injin markaɗen da ba ya tashi, ba a cewa kashi ɗaya cikin biyar ne ya lalace, domin sauran huɗun ba su da amfani sai da shi. Mayar da wani kaso yana da ma'ana ne idan abin da ya rage a hannun mai saye yana biya masa buƙatar da ya saye shi dominta. Yadi takwas masu kyau da za a cike da biyu sun cika wannan sharaɗi. Da layin ya ratsa yadi goman duka, da amsar da ta dace ita ce a sauya shaddar baki ɗaya, a kuma zauna a kan kuɗin tela.

Wani zai ce, to idan laifin na mai saye ne fa? Wannan ma yana faruwa, kuma saƙon yana sauya fuska. A ce hoton ya nuna tabon dutsen guga ƙarara. Mai shago ba zai amsa laifin da bai yi ba, domin amsawar ƙarya takan dawo masa a gaba. Zai faɗi abin da ya gani cikin ladabi, ya nuna bidiyon ragowar bandir, sannan idan yana so ya riƙe abokiyar cinikinsa ya ce zai ba ta yadi biyun a kan farashin sari. Ya kamata ya faɗa a fili cewa wannan kyautatawa ce saboda zumunci, ba biyan aibi ba. Idan ya bar abin a dunƙule, gobe za a ɗauka al'adar shagon ce, wani ya zo ya nema a matsayin haƙƙi. Musulunci ya kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya yarda a warware ciniki idan abokinsa ya yi nadama, amma kwaɗaitarwa ce, ba tilas ba.

Idan mai saye ta ƙi tayin, mataki na gaba a kasuwannin Arewa yawanci dattawan layi ne ko shugabannin ƙungiyar kasuwa, waɗanda ke sasanta irin wannan kafin ta fita waje. Bayansu akwai hukumar kare masu saye ta jiha, kamar wadda Kano ke da ita, da ita FCCPC, da kotunan ƙananan ƙararraki da aka buɗe a Legas da Kano da wasu jihohi domin a yi shari'ar kuɗi kaɗan cikin sauri ba sai da lauya ba. A duk waɗannan wuraren, abin da za a fara nema shi ne rasit, da hoton da aka yi ciniki a kansa, da abin da kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa. Wannan ne dalilin da ya sa mai shagon ya bi kiran waya da rubutu. Murya tana kwantar da rai, kuma ga dattijuwa kamar Hajiya aika rubutu kawai ba tare da kira ba zai zama rashin ladabi. Amma rubutu ne ke tsayawa shaida. Wanda ya zagi mai saye a saƙon murya ya sani cewa saƙon yana iya isa kunnen alƙali, ko ya zaga wayoyin mata ɗari kafin magariba.

Hajiya ta amsa bayan magariba. Ba ta ce ta huce ba. Ta ce tela ya tabbatar mata yadi biyu za su fitar da gaban rigar, don haka a turo su, amma ta ga bidiyon tukuna. Yadin take buƙata, domin 21,000 ba za su samo mata ruwan toka iri ɗaya sak a Kaduna cikin kwana tara ba. Launin shadda yakan ɗan bambanta daga bandir zuwa bandir ko da sunansa ɗaya, kuma a jikin babbar riga bambancin ba ya ɓoyuwa. Shi ya sa mai shagon ya ajiye ragowar a gefe tun da rana, ya hana a sayar.

Da kuɗin ta zaɓa, akwai ƙananan matakai da zai kiyaye. Zai tura su asusun da aka biya shi daga ciki, ba wata lamba da wani ya aiko da sunan ɗanta ba, ya rubuta dalilin turawar a jikin tiransifa, ya aika mata da shaidar biya, ya nemi ta rubuto cewa ta gani kuma magana ta ƙare a kan haka. Tunda yadi ta zaɓa, sai ya rubuta a littafin shago: yadi biyu, musanyar aibi, ba kuɗi, da kwanan wata da lambar direban da ya karɓa.

A makon da ya biyo baya ya sa aka buga sabon rasit. An cire tsohon layin, aka maye gurbinsa da uku: a duba yadi kafin a kai wa tela, wanda ba a yanka ba ana karɓarsa cikin kwana bakwai, wanda aka yanka aka sami aibi daga shago, za a musanya wurin ko a biya ƙimarsa. Yaron shagon kuma ya sami sabon aiki. Duk yadin da za a aika wani gari sai ya warware shi daga baki zuwa baki a gaban waya, ya tura wa mai shi bidiyon kafin ya naɗe, bandir ɗin da ke bakin ƙofa kuwa ana juya shi kullum, a mayar da shi ciki kafin rana ta kai tsaka.